Ina Sauran Lemon Ya Shiga? Yadda Ake Gano Asarar da Ta Fi Cin Layin Cika Roba

A jikin kowane injin cika robar lemo ko ta ruwa akwai ɗan allon ƙarfe da kamfanin da ya ƙera shi ya manna, wanda ke faɗin yawan robar da zai iya cikawa a awa guda. Mu ce allon ya ce 6,000. Mai masana'anta ya buga lissafi a ransa: awa takwas sau dubu shida, roba 48,000 ke nan. Da yamma mai kula da sito ya kawo masa takarda, sai ya ga abin da ya shiga sito bai wuce dubu ashirin da huɗu da 'yan kai ba. Ya tambayi makanike, ya ce inji ya lalace sau ɗaya ne, kuma cikin minti 25 aka tayar da shi. Ya tambayi mai kula da layi, ya ce an ɗauke wuta. Dukkansu gaskiya suka faɗa, amma ko an haɗa amsoshinsu wuri guda ba su kai kwata na abin da ya ɓace ba. Duk wanda ya taɓa aiki a wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa ya san irin wannan zama, inda ake rabuwa kowa yana zargin ɗan'uwansa, gobe kuma a sake komawa gidan jiya.

Akwai ma'aunin da aka ƙirƙiro domin amsa wannan tambaya, wanda ake kira OEE a taƙaice. Ya fito ne daga Japan, cikin tsarin kula da injuna da ake kira TPM, wanda injiniya Seiichi Nakajima ya yi fice wajen tsarawa da yaɗawa. Kamfanin Nippondenso mai ƙera kayan mota shi ne ya fara shahara da tsarin a 1971, littafin Nakajima kuma ya fito da Turanci a 1988, daga nan abin ya bazu a masana'antun duniya. Abin da ma'aunin ke tambaya ɗaya ne: cikin lokacin da muka ware domin inji ya yi aiki, kashi nawa ne ya tafi wajen fitar da kaya masu kyau a cikakken gudun injin? Duk abin da ya rage asara ne, ko da kuwa injin yana ta ƙara ma'aikata suna ta zufa.

Ana raba amsar gida uku. Na farko, kashi nawa na lokacin inji yana tafiya ba a tsaye ba. Na biyu, lokacin da yake tafiyar, kashi nawa na cikakken gudunsa ya yi. Na uku, cikin abin da ya fitar, kashi nawa ne mai kyau tun karon farko. Sai a ninka ukun da juna. Wanda ya leƙa allon kwamfutar masana'anta zai ga an rubuta shi haka:

```
OEE = Availability × Performance × Quality
```

Bari mu bi shi da misali guda daga farko har ƙarshe. Alƙaluman da za su biyo baya na koyarwa ne, na tsara su domin lissafin ya fito sarai, amma tsarin layin da irin matsalolinsa su ne waɗanda ake gani a kowace masana'antar lemo mai gas.

Shif guda a kan layi

Layin namu yana da injuna biyar a jere, bel yana haɗa su. Akwai mai hura roba, sai mai cika lemo ya ɗaura murfi, sai mai manna lebul, sai mai buga kwanan wata, sai mai naɗe dozin-dozin da leda. Kafin a auna komai dole a yanke shawarar a kan wane inji za a yi awon, kuma nan ne mutane da yawa ke fara ɓata. Ba a auna kowane inji daban a haɗa a raba. Ana tsayawa ne a kan injin da ya fi kowanne jinkiri, domin shi ne ke yanke wa layin gudu. A layin lemo galibi mai cikawa ne, kuma da gangan ake tsara shi haka: shi ne mafi tsada, saboda haka injunan da ke gabansa da na bayansa ake sa su ɗan fi shi sauri, don kada ya rasa roba, kada kuma hanya ta toshe masa. A namu layin mai cikawa yana yin roba 100 a minti, wato 6,000 ɗin nan da ke jikin allo.

Shif awa takwas ne, minti 480. An ware minti 30 na salla da cin abinci, wanda kowa ya san layi zai tsaya. Saura minti 450, kuma su ne ma'aunin zai yi hukunci a kansu. Da komai ya tafi daidai, da an samu roba 45,000.

Littafin layi ya nuna tsayuwa huɗu. An canza daga lemon zaƙi zuwa na abarba, aka wanke bututu da tanki aka sauya lebul, minti 35. Kan da ke ɗaura murfi ya lalace, minti 25. An ɗauke wuta, kafin a koma janareta iska ta taru a kwamfuresa injuna su tashi, minti 15 a jimlace. Sannan murafu sun ƙare a layi aka tsaya jiran a kawo daga sito, minti 15. Duka minti 90. Inji ya yi tafiya ta minti 360 cikin 450, kashi 80 cikin ɗari ke nan.

A minti 360 ɗin nan ya kamata mitar da ke ƙirga roba ta nuna 36,000. Abin da ta nuna 25,200 ne, wato kashi 70 cikin ɗari. Cikin waɗannan kuma an ware 1,008, wasu ba su cika ba, wasu murfinsu ya karkace yana yoyo. Masu kyau 24,192, kashi 96 cikin ɗari. Idan aka ninka 0.80 da 0.70 da 0.96 za a samu 0.5376, kusan kashi 54 cikin ɗari. Akwai gajeriyar hanya ta tabbatar da lissafin: raba roba masu kyau, 24,192, da 45,000 ɗin da ya kamata a samu. Amsar ɗaya ce. In ta bambanta, akwai kuskure a wani wuri.

To an samu kashi 54. Sai me? A nan ne nake ganin ana yawan tsayawa a hanya. Lambar ita kaɗai ba ta gaya wa kowa abin da zai yi gobe da safe ba. Za a iya rubuta ta a allo kullum har shekara ta zagayo, layin bai ƙara roba ko ɗaya ba. Amfaninta yana fara bayyana ne idan aka mayar da kowace asara zuwa minti, domin a iya jera su a kwatanta. Tsayuwar da aka rubuta minti 90 ce. Roba 1,008 da aka ware, a gudun 100 a minti, sun ci kusan minti 10. Gibin gudu kuwa, roba 10,800 da ba a cika ba alhali inji yana kunne, minti 108 ne. Jimla minti 208 cikin 450.

Dubi abin da ya fito. Asara mafi girma ita ce wadda ba ta cikin littafin kowa. Lalacewar injin da aka yi ta cece-kuce a kanta a ofis minti 25 ce kacal, yayin da minti 108 suka sulale ba wanda ya rubuta su, ba wanda aka kira, ba wanda ya ji haushi.

Minti 108 da ba su da uba

Nakajima ya kasa asarar inji gida shida: lalacewa, canjin kaya da saiti, ƙananan tsayuwa, rage gudu, kayan da suka ɓaci ana cikin aiki, da waɗanda ke ɓaci lokacin da inji ke tashi. Biyu na tsakiya, ƙananan tsayuwa da rage gudu, su ne ke ɓuya a cikin minti 108 ɗinmu, kuma a layin zuba kaya a mazubi su ne suka fi yin ɓarna. Dalili kuwa a fili yake. Layin yana sarrafa abubuwa marasa nauyi, roba da murfi da lebul da leda, a guje, kuma abu mara nauyi yana faɗuwa, yana maƙalewa, yana lanƙwashewa. Roba ta faɗi a bel, mai jan inji ya miƙa hannu ya tayar da ita ya danna maɓalli, daƙiƙa talatin sun tafi. Ba wanda zai ɗauki biro ya rubuta daƙiƙa talatin, kuma ba laifinsa ba ne, hannunsa ba ya huta. A masana'antu da yawa ma ƙa'ida ce ba a rubuta tsayuwar da ba ta kai minti biyar ba. Amma da yayyafi kogi kan cika.

Raba gudun da ƙananan tsayuwa ba shi da wahala. Je ka duba allon injin ka ga gudun da aka saita shi a kai. A misalinmu an tarar yana kan 90 a minti maimakon 100. Roba 25,200 a gudun 90 suna buƙatar minti 280, a gudun 100 kuwa minti 252. Bambancin, minti 28, shi ne kuɗin rage gudu. Sauran minti 80, wato daga 280 zuwa 360, lokaci ne da injin yake tsaye cik ba tare da an rubuta ba.

Su waɗannan minti 80 hanya ɗaya ce ta gano su idan layin ba shi da na'urar da ke rubuta tsayuwa da kanta: mutum ya tsaya kusa da mai cikawa shif guda cur, da takarda da agogon waya, ba ya taɓa komai, ba ya ba kowa umarni. Duk lokacin da injin ya tsaya ya ja layi ɗaya, ya rubuta daƙiƙa nawa, ya kuma amsa tambaya guda: don me? Amsoshin uku ne kawai. Ko dai injin ne da kansa ya sami matsala, ko roba ba ta iso masa daga baya ba, ko kuma bel ɗin gabansa ya cika ba inda zai sauke. Kallon bel ɗin ma ya isa ya faɗa maka. Idan bel ɗin shiga ya zama wayam, matsalar tana baya. Idan na fita ya cushe roba na gogar juna, matsalar tana gaba, sai ka bi cunkoson da ido har inda ya ƙare, injin da ke wurin shi ne mai laifin.

Wannan rarrabewa tana da muhimmanci domin injin da ya tsaya ba lallai ne shi ke da ciwon ba. Mai cikawa yana iya tsayuwa sau ɗari a rana lafiyarsa ƙalau. Haka kuma ba kowace tsayuwa ta sauran injuna ce asara ba. Idan mai naɗe leda ya tsaya daƙiƙa ashirin, bel ɗin da ke tsakani ya shanye robar da ke zuwa, sannan ya tashi ya kwashe su da saurinsa, layin bai rasa komai ba. Abin da ya kai ga tsayar da mai cikawa shi kaɗai ake ƙirgawa.

Takardar mai kallon namu ta nuna haka. Sau 72 mai cikawa ya tsaya saboda mai manna lebul ya cije bel ya cika, kowace tsayuwa kusan daƙiƙa 40, jimla minti 48. Sau 36 roba ta faɗi a ƙofar shiga injin, kowace daƙiƙa 30, minti 18. Sauran tarkacen dalilai, minti 14. Yanzu jerin ya canza kama. Mai manna lebul ne a sama da minti 48, canjin lemo na biye da 35, rage gudu 28, lalacewar kan murfi 25, faɗuwar roba 18, wuta da jiran murfi 15 kowanne, sai tarkace 14, robar da aka ware kuma tana can ƙasa da minti 10.

Kada a yi gaggawar kama na sama

Jerin shif guda yana iya yaudara. Canjin lemo ba kowane shif ake yi ba. Idan layin yana yin shif 12 a mako, ana canji sau huɗu, minti 140 ke nan a mako. Lalacewar kan murfi mai yiwuwa ba za ta sake faruwa ba sai bayan kwana goma. Mai manna lebul kuwa, in har halinsa ke nan kullum, minti 48 sau 12 ya kai 576, fiye da shif guda cur a kowane mako. Shi ya sa ake tara bayanan mako biyu zuwa huɗu kafin a yanke hukunci, kuma a sa mai kallo ya tsaya a shif ɗin safe da na dare duka, domin sau da yawa halinsu ba ɗaya ba ne.

Bayan yawan minti, sai kuɗi, domin ba duk minti ne farashinsu ɗaya ba. Mu ƙaddara ribar kowace roba naira 30 ce, kayan da ke cikinta kuma, robar da murfin da sukari da sauransu, naira 100. Minti 48 na lebul, a gudun 90 da layin yake yi a zahiri, roba 4,320 ne da ba a yi ba. An rasa ribarsu, kusan naira dubu 130, amma kayan haɗinsu suna nan a sito ba su je ko'ina ba. Roba 1,008 da aka ware fa? Su an rasa ribarsu, an kuma zubar da kayan da aka saya da kuɗi: naira 130 sau 1,008, shi ma kusan dubu 130. Abin da yake na ƙarshe a jerin minti ya zo kafaɗa da kafaɗa da na farko a jerin naira. Wannan rauni ne na OEE da ya kamata kowa ya sani: lokaci yake aunawa, bai san farashin sukari ba.

Akwai kuma tambayar kasuwa, wadda injiniyoyi kan manta. Ribar robar da ba a cika ba asara ce kawai idan akwai mai saye. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, ko lokacin azumi, motocin diloli na layi a bakin ƙofa, duk robar da ta fito ta sami mai ita, kowane minti kuɗi ne. A tsakiyar hunturu kuwa, sito a cike ciniki ya ja baya, minti 48 ɗin nan abin da suke ci shi ne man janareta da ladan ƙarin lokaci na ma'aikata. A irin wannan yanayi robar da ake zubarwa ce ya kamata a fara bi, domin ita kuɗinta tsaba ne yake fita ko ana ciniki ko ba a yi.

Mu ce lokacin zafi ne, biyun sun yi kunnen doki. Me zai raba gardama? Sai a duba wace asara ce ke haifar da wata. A lemo mai gas, duk lokacin da mai cikawa ya tsaya ya sake tashi, lemon da ke cikin injin yakan ɗan yi ɗumi, robar farko-farko su yi kumfa, kumfar ta kwanta a ga ba su cika ba. Tsayuwa 72 saboda lebul tana nufin tashi 72, kowanne da nasa rabon robar da za a ware. Ana iya tabbatar da wannan cikin sauƙi: a sa mai ware roba ya ajiye waɗanda suka fito cikin minti ɗaya bayan kowace tashi a kwando daban. Idan kwandon ya fi sauran cika, an gane cewa gyaran lebul zai rage asara biyu a lokaci guda.

Irin wannan dangantaka tana nan tsakanin rage gudu da faɗuwar roba. Da aka tambayi mai jan injin dalilin da ya sa yake kan 90, cewa ya yi in ya kai shi 100 roba zubewa take yi a ƙofar shiga, shi ya sa tun bara aka bar shi haka. Ashe minti 28 da minti 18 ciwo ɗaya ne, minti 46 a haɗe, kuma da an tsaya ga jerin yadda ya fito da ba a gan shi ba. Manajan da ya ga an rage gudu ya ba da umarnin a mayar 100 ba tare da tambaya ba, zai sami ƙarin faɗuwar roba ne kawai, washegari kuma in ya juya baya a sake mayar da shi 90. Rage gudu kusan kullum magani ne da ma'aikaci ya ƙirƙiro wa wata cuta da ba a saurare shi a kanta ba.

Hukuncina a wannan misali shi ne a fara da mai manna lebul. Shi ne mafi yawan minti, yana faruwa kowane shif, yana ƙara yawan robar da ake warewa, kuma, kamar yadda za mu gani, gyaransa ba ya buƙatar a aika ƙasar waje neman kaya. Ƙofar shigar roba ta zo ta biyu. Sauran su jira. Masana'antar da ta kafa kwamiti tara domin asara tara ba za ta gama ko ɗaya ba, domin makanikan nan biyu ko uku su ne dai za a yi ta ja tsakanin kwamitocin.

A gaban mai manna lebul

Injin da ke naɗa lebul kewaye da roba yana jawo shi ne daga nadi, wani ɗan ido mai haske ya karanta alamar da aka buga a kan lebul ɗin domin ya san inda za a yanka, wuƙa ta yanka, wata ganga mai ƙananan ramuka ta riƙe yankin da zuƙar iska, a shafa masa gam mai zafi a baki biyu, ya naɗe robar. Kowane mataki yana da yadda yake cijewa, kuma lokacin da cijewar ke faruwa shi ne ke nuna wanne ne.

Idan matsalar tana da sauƙi da safe tana ƙaruwa yayin da shif ke tafiya, wani abu ne ke taruwa: gam ya toshe ramukan gangar ta kasa riƙe lebul, ko ƙura ta rufe idon ya daina ganin alama. Idan tana ɓarkewa ne bayan an sa sabon nadi, a duba nadin, wataƙila an danne shi a sito gefensa ya lotse, ko mai bugawa ya yi alamar dishi-dishi. Idan lebul yana zamewa daga jikin roba, a taɓa robar: lemo mai gas da sanyi ake cika shi, robar takan yi raɓa, gam kuwa ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, sai a duba abin busar da robar kafin ta iso. Idan bakin yankan ya yi gashi-gashi, wuƙa ta dakushe. A lokacin hunturu akwai ƙarin fitina, domin busasshiyar iska tana sa lebul na leda ya riƙa mannewa da juna da jikin ƙarfe, ga ƙura da ke shiga ko'ina.

A misalinmu takardar ta nuna tsayuwa kaɗan ce a awa biyun farko, mafi yawansu bayan azahar. Aka buɗe gangar aka tarar da ramuka da yawa a toshe da busasshen gam. Maganin shi ne a goge gangar da idon a farkon shif, a sake gogewa lokacin hutun salla da layi yake tsaye dama, a kuma saita zafin gam da yawansa yadda mai yin gam ɗin ya rubuta, a rubuta saitin a manna a jikin injin don kada kowane shif ya zo da nasa. Sannan a sake tsayar da mai kallo, da irin takardar farko, a ga ko an samu canji. Idan minti 48 sun sauko 15, an ƙwato minti 33, kusan roba 2,970 a shif, masu kyau a cikinsu kusan 2,850. OEE ya tashi daga 54 zuwa 60, ba a sayi sabon inji ba.

Canjin lemo, in lokacinsa ya zo, yana da sananniyar hanya da Shigeo Shingo ya tsara, wadda ake kira SMED: a raba ayyukan da dole sai inji na tsaye da waɗanda za a iya yi yana tafiya. Ɗauko sabon nadin lebul, haɗa ruwan lemon da za a koma, jera sifanu, duk ana iya gama su kafin a kashe inji. Jiran murfi na minti 15 kuwa ba ya buƙatar injiniya, alama kawai za a yi a jikin mazubin murafun, in sun sauko wurin a aika sito.

Yadda ake yi wa lambar kwalliya

Tunda lamba ce da ake kai wa manya, akwai hanyoyin gyara ta ba tare da an gyara layi ba, kuma mai masana'anta ya kamata ya san su. Ta farko ita ce sauya cikakken gudu. Idan aka ce ai 90 ne gudun injin tunda a nan muke jan sa, kashi 70 ya zama kusan 78 nan take, asarar minti 28 ta ɓace daga takarda tana nan a layi. Duk ranar da ka ga kason gudu ya haura 100, to gudun da aka ɗauka a matsayin cikakke ƙarya ne. Ta biyu ita ce cire canjin lemo daga lokacin aiki da sunan ai an tsara shi. Minti 450 sun koma 415, kashi 80 ya zama kusan 87. Ta uku ita ce ƙirga robar da aka cire wa karkataccen lebul aka sake mannawa a cikin masu kyau, alhali ƙa'idar ita ce mai kyau tun karon farko.

Batun wuta ana yawan gardama a kansa, masu layi su ce ba laifinsu ba ne a cire. Ni ina ganin a bar shi a ciki, a ba shi layinsa daban. Lissafin ba na neman mai laifi ba ne, kuma sai an ga yawan mintin da sauyawa zuwa janareta ke ci a wata ne za a san ko ya dace a kashe kuɗi a kan na'urar sauyawa da kanta, ko a bar layin a kan janareta a lokutan da aka san wuta ba ta zama.

Za ka ji ana cewa kashi 85 shi ne matakin ƙwararrun duniya. Lambar ta samo asali ne daga burin da Nakajima ya gindaya, wato kashi 90 na lokaci, 95 na gudu, 99 na nagarta, waɗanda in an ninka suke ba da kusan 85. Layin da ke cika abu iri ɗaya dare da rana zai iya kusantar ta. Wanda ke canza lemo da girman roba sau da yawa a mako ba zai iya ba, kuma in aka matsa masa zai koyi guje wa canji, ya cika sito da lemon zaƙi alhali kasuwa abarba take nema. Layi da kansa ake gwada shi, na wannan wata da na watan jiya, a kan ƙa'idar lissafi ɗaya da ba ta canzawa.

Abu na ƙarshe ya shafi mutane. Duk bayanan nan daga hannun masu jan inji suke fitowa. Ranar da aka yanke wa wani albashi saboda lambar shif ɗinsa ta yi ƙasa, daga ranar littafin layi ya zama tatsuniya, tsayuwar minti 20 za ta koma 8, robar da aka ware za ta bi ta ƙofar baya. Mai masana'antar da yake son gwada wannan hanya, ya fara gaya wa ma'aikatansa ƙarara cewa injin ake aunawa, ba su ba. Sannan ya ɗauki alƙaluma huɗu na kowane shif, mintin da aka ware, mintin tsayuwa, adadin da mita ta ƙirga, da adadin da ya shiga sito, ya kuma sa mutum ɗaya ya tsaya kusa da mai cikawa da takarda da agogo. Kada ya sa hannu a takardar sayen sabon inji sai ya ga abin da wannan mutumin ya rubuta na tsawon mako biyu.